Yadda kwamfuta ke gane lamba 7 a hoto

A shekarun 1990 bankunan Amurka suna karɓar cak masu ɗimbin yawa a kowace rana, kuma kowane cak na ɗauke da adadin kuɗin da wani ya rubuta da hannunsa. Wani yana rubuta 7 ɗinsa a miƙe, wani a karkace, wani sai ya ratsa shi da ƙaramin layi a tsakiya. Wani ma 7 ɗinsa da 1 ɗinsa sai wanda ya saba da rubutunsa ke bambance su. A ɗakin bincike na Bell Labs, wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Yann LeCun da abokan aikinsa suka gina tsarin da ke karanta irin waɗannan lambobi. Sun fara a 1989 da lambobin gidan waya da ake rubutawa a bayan ambulan, daga baya na'urorin da aka ɗora a kan aikinsu suka riƙa karanta miliyoyin cak. A 1998 suka bayyana tsarin dalla-dalla da sunan LeNet-5. Irin wannan tsari, wanda a taƙaice ake ce wa CNN, har yau shi ne abin da mai koyon rarrabe hotuna da kwamfuta ke fara cin karo da shi.

Da yawa daga masu koyo sukan kwafo layuka goma daga wani darasi, su danna, su ga sakamako ya fito, amma idan aka tambaye su me ya sa aka sa 3 a nan, 2 a can, sai su yi shiru. Wannan abin takaici ne, domin lissafin da ke ciki bai wuce tarawa da ninkawa ba, kuma wanda ya taɓa yin sa da biro sau ɗaya ba ya sake jin tsoronsa.

Misalin da za a bi shi ne tarin hotunan MNIST, wanda ke da hotunan lambobi 60,000 na koyarwa da 10,000 na jarrabawa. Kowane hoto ɗan ƙarami ne, ɗigo 28 a tsaye, ɗigo 28 a kwance, babu launi sai baƙi da fari da abin da ke tsakaninsu. A wurin kwamfuta hoton jadawali ne na lambobi 784. Inda ɗigo yake baƙi ƙirin lambarsa 0, inda yake fari fat 255.

Hanya mafi sauƙi ita ce a jera lambobin 784 a layi ɗaya, a haɗa kowace da kowace ƙwayar lissafi da ke gaba. Idan ƙwayoyin 100 ne, to akwai lambobi 78,400 da kwamfuta za ta koya. A kan ƙaramin hoto ana iya jurewa. Amma hoto mai launi na 224 sau 224 yana da lambobi 150,528, kuma haɗa su da ƙwayoyi 1,000 na nufin koyon lambobi sama da miliyan 150 tun a hawan farko. Ban da tsadar, akwai wata babbar illa. Tsarin da ya koyi 7 a tsakiyar hoto ba ya gane ta idan ta gusa zuwa gefe, domin a wurinsa wasu ɗigogi ne daban suka haskaka. Jera hoto a layi ɗaya yana kuma ɓatar da sanin cewa wannan ɗigo maƙwabcin wancan ne, alhali siffar abu tana cikin maƙwabtakar.

Filta da abin da yake nema

Maganin da aka samo shi ne a daina kallon hoton gaba ɗaya a lokaci guda. Sai a ɗauki ɗan ƙaramin jadawali, misali 3 sau 3, mai lambobi tara, wanda ake kira filta. A ɗora shi a kusurwar hoto ta sama daga hagu, a ninka kowace lambarsa da lambar ɗigon da ke ƙarƙashinta, a tara sakamakon taran wuri ɗaya, a rubuta amsar. Sai a gusa shi zuwa dama, a maimaita, har a kai ƙarshen layi, a sauko layi na gaba. Wannan zagaye da filta ke yi shi ne kwambolushan, kuma hawan da ke yin sa a manhajar PyTorch sunansa `Conv2d`.

Ga filta ɗaya a hagu, da ɗan yankin hoto a dama. Don sauƙin lissafi an ɗauka 0 duhu ne, 9 haske.

```
-1  0  1        0  0  9
-1  0  1        0  0  9
-1  0  1        0  0  9
```

A layin farko, -1 sau 0 sifili ne, 0 sau 0 sifili ne, 1 sau 9 tara ne. Haka layi na biyu, haka na uku. Jimilla 27, amsa babba. Yanzu a kai filtan wurin da ko'ina haske ne, duk ɗigogin 9. Kowane layi zai ba da -9 da 0 da 9, su cinye juna, amsa ta zama sifili. A kai shi wurin da haske ke hagu, duhu ke dama, sai a samu -27. A kai shi inda iyakar haske da duhu take a kwance, nan ma sifili. Ke nan wannan filta abu guda yake nema, wato iyaka a tsaye inda duhu ke hagu, haske ke dama, kamar gefen hagu na ƙafar lamba 1. Duk inda ya same ta sai ya ba da babbar lamba, inda babu ya yi shiru.

Idan ya gama zagaye, amsoshinsa sun zama sabon jadawali, wanda ake kira taswira, domin yana nuna wuraren da abin da ake nema yake a hoton. Daga nan akan bi da taswirar ta wani ɗan aiki mai suna `ReLU`, wanda ke mayar da duk lambar da ta gaza sifili zuwa sifili. Wannan -27 ta tafi ke nan. Iyakar da ke fuskantar ɗaya ɓangaren wani filta ne zai kula da ita. Ɗan aikin nan yana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin in babu shi, hawa goma na kwambolushan da aka ɗora bisa juna ba su fi hawa ɗaya iya komai ba.

Lambobi taran nan su ne dai ake amfani da su a kowane lungu na hoton. Shi ya sa ko 7 ta gusa gefe, filtan zai tarar da ita a can. Kuma ba mutum ne ke zama ya rubuta lambobin ba. Na sama an tsara su da hannu ne don misali. A aikin gaske ana farawa da lambobin da aka zuba barkatai, a nuna wa tsarin hoto, ya yi hasashe, a auna kuskurensa, a ɗan gyara kowace lamba ta yadda kuskuren zai ragu, a maimaita sau dubbai. A hankali filtocin da kansu suke rikiɗa su zama masu neman layi a tsaye, a kwance, a karkace.

Wannan ya yi daidai da abin da David Hubel da Torsten Wiesel suka gano a ƙwaƙwalwar kyanwa tun 1959, cewa akwai jijiyoyin da ba sa motsawa sai an nuna wa ido layi mai wata karkata a wani ɗan yanki. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1981, kuma daga gare shi Kunihiko Fukushima na Japan ya samo tunanin tsarinsa mai suna Neocognitron a 1980.

Filta ɗaya ba ya isa, don haka hawa ɗaya kan ƙunshi da yawa. A ce an sa 32. Kowane yana da lambobi tara da wata guda ta daidaitawa, goma ke nan, gaba ɗaya 320. A kwatanta wannan da 78,400 na ɗazu. Hoto ɗaya ya shiga, taswira 32 sun fito.

A nan ne masu koyo ke yawan tuntuɓe. Filtan hawa na biyu, ko da an ce 3 sau 3 ne, ba lambobi tara yake da su ba. Yana da kauri, domin dole ya duba dukkan taswirori 32 a lokaci guda, saboda haka lambobinsa 3 sau 3 sau 32 ne, wato 288, da ta daidaitawa 289. Wannan kauri ne ke ba shi damar haɗa labarai. Inda wata taswira ta ce akwai layi a kwance, wata kuma ta ce akwai layi a karkace da ya taɓo ƙarshensa, sai filtan ya gane kusurwa irin ta saman 7. Hoto mai launi ma haka ne tun daga hawan farko, saboda yana zuwa da jadawali uku, na ja da na kore da na shuɗi.

Taku da ciko

Tazarar da filta ke gusawa a kowane motsi ita ce taku, a allo `stride`. Taku 1 na nufin ɗigo ɗaya ɗaya. Taku 2 na nufin ya riƙa tsallake ɗaya, sai taswirar ta fito rabin faɗi da rabin tsawo, aikin lissafi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Kamar manomi ne da ke duba gonar wakensa. In ya bi kunya-kunya zai daɗe amma babu abin da zai kuɓuce masa, in kuma yana tsallake kunya uku zai gama da wuri, sai dai ƙwarin da suka fara taruwa a kunya ɗaya suna iya wuce shi.

Akwai kuma matsalar gefe. Filta mai 3 sau 3 ba ya iya zama da tsakiyarsa a kan ɗigon bakin hoto ba tare da ya leƙa waje ba, don haka hoto mai faɗin 28 yana komawa 26. In an ɗora hawa da yawa, hoton ya riƙa ƙanƙancewa ke nan, kuma ɗigogin gefe ba sa samun kulawa kamar na tsakiya. Sai aka ɓullo da ciko, `padding`, wato a zagaye hoton da layin sifili kafin filta ya fara aiki. Da ciko 1, hoton 28 ya zama 30, filta ya zagaya, ya dawo 28 cif.

Duk wannan ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da shi. Idan `n` faɗin hoto ne, `k` faɗin filta, `p` ciko, `s` taku:

```
fita = (n - k + 2*p) // s + 1
```

Alamar `//` tana nufin a raba a yar da ragowa. Da 28 da filta 3, babu ciko, taku 1, amsa 26. Da ciko 1 da taku 2, 27 a raba biyu 13, a ƙara ɗaya, 14.

An ga tasirin taku a zahiri a 2012. A shekarar ne Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka lashe gasar ImageNet, mai hotuna kimanin miliyan 1.2 da aka kasa gida 1,000. Tsarinsu, AlexNet, ya yi kuskure kashi 15.3 cikin ɗari, wanda ya zo na biyu kuwa kashi 26.2. Hawansu na farko yana da filta 96 masu girman 11 sau 11 da taku 4, wanda ya rage hoto mai faɗin 227 zuwa 55 a tashi ɗaya. Sun yi haka ne don aikin ya shiga cikin na'urorin lissafi biyu da suke da su. A shekarar da ta biyo baya Matthew Zeiler da Rob Fergus na Jami'ar New York suka zana abin da filtocin AlexNet suka koya don su gani da ido. Suka lura da wasu gurɓatattun zane-zane a hawa na biyu, suka danganta su da girman takun. Da suka rage filta zuwa 7 sau 7, taku zuwa 2, filtocin suka fito da tsabta, kuskure kuma ya ragu. Abin burgewa a aikin nasu shi ne ba zato suka yi ba, dubawa suka yi.

A 2014 kuma Karen Simonyan da Andrew Zisserman na Oxford suka nuna, da tsarin VGG, cewa ƙananan filtoci da aka ɗora bisa juna sun fi babba guda ɗaya. Hawa biyu na 3 sau 3 suna ganin yanki daidai da filta ɗaya mai 5 sau 5, amma da lambobi 18 maimakon 25, ga kuma `ReLU` sau biyu. Tun daga nan 3 sau 3 ya zama abin da aka fi farawa da shi.

Taƙaitawa

Hanya ta biyu ta rage girman taswira ita ce hawan taƙaitawa. Wanda aka fi amfani da shi, `MaxPool2d`, yana yanka taswira zuwa gidaje masu 2 sau 2, ya ɗauki lamba mafi girma a kowane gida, ya zubar da sauran ukun.

```
1  3  2  0
4  8  1  1        8  2
0  2  0  6        2  6
1  1  3  2
```

Gidan sama na hagu yana da 1 da 3 da 4 da 8, sai aka riƙe 8. Dalilin ɗaukar babbar shi ne ita ce wurin da filta ya fi jin abin da yake nema. Da 8 ɗin ta gusa zuwa inda 3 take, amsar ba za ta canja ba, kuma wannan ne ke sa tsarin ya jure ɗan karkacewar rubutu. Hawan ba shi da wata lamba da yake koya. Akwai wani nau'in da ke ɗaukar matsakaici, wanda a wannan gida zai ba da 4, kuma makamancinsa LeNet-5 ya yi amfani da shi.

Sai dai bai kamata a zuzuta juriyar ba. Idan 8 ɗin ta ƙetare zuwa gidan da ke maƙwabtaka, amsar ta canja. Kuma a kowane karo kashi uku cikin huɗu na lambobin sun tafi, tare da sanin takamaiman inda abin yake. Hinton da kansa ya daɗe yana sukar wannan hawa saboda haka. Tsare-tsare da dama na baya-bayan nan sun rage dogaro da shi, suna amfani da kwambolushan mai taku 2, wanda aƙalla yana koyon abin da ya dace ya riƙe.

Ga dukkan sassan a haɗe, don hotunan MNIST:

```python
model = nn.Sequential(
    nn.Conv2d(1, 32, 3, padding=1), nn.ReLU(),
    nn.MaxPool2d(2),
    nn.Conv2d(32, 64, 3, padding=1), nn.ReLU(),
    nn.MaxPool2d(2),
    nn.Flatten(),
    nn.Linear(64 * 7 * 7, 10),
)
```

Hoton 7 ya shiga da faɗin 28. Hawan farko ya fitar da taswira 32, faɗi bai canja ba saboda ciko. Taƙaitawa ta mayar da su 14. Hawa na biyu ya fitar da taswira 64, taƙaitawa ta biyu ta mayar da su 7 sau 7. Sai aka jera su a layi, lambobi 3,136, aka haɗa su da ƙwayoyi goma, ɗaya don kowace lamba daga 0 zuwa 9. Wadda ta fi samun maki ita ce amsa. Abin da tsarin ke koya gaba ɗaya shi ne 320 a hawan farko, 18,496 a na biyu, 31,370 a na ƙarshe, jimilla 50,186. Da wannan ɗan adadi, bayan an zagaya hotunan koyarwa 'yan lokuta, yana cin kusan kashi 99 cikin ɗari na hotunan jarrabawa, kuma kwamfutar cinya ta isa yin aikin.

Yayin da faɗi ke raguwa, yawan taswira yana ƙaruwa, kuma kowace lamba tana wakiltar yanki mafi girma. Ta hawan farko ɗigo 3 sau 3 take gani. Bayan taƙaitawa 4 sau 4, bayan hawa na biyu 8 sau 8, a ƙarshe 10 sau 10, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton. A wannan girma ana iya ganin kusurwar 7 ko zoben 9 sarai.

Inda ake yawan faɗuwa

A ce mai koyo ya manta da ciko a hawa biyun. Faɗin zai tafi 28, 26, 13, 11, sannan 5, tunda 11 ba ta rabuwa biyu kuma an yar da ragowa, wato layi ɗaya na taswirar ya salwanta shiru. Lambobin da suka iso ƙarshe 1,600 ne, hawan ƙarshe kuwa yana jiran 3,136. In yana tura hoto 128 a lokaci guda, ga abin da zai gani:

```
RuntimeError: mat1 and mat2 shapes cannot be multiplied (128x1600 and 3136x10)
```

Saƙon ya faɗi komai, ga abin da ya iso, ga abin da ake jira. Wasu sukan canja 3,136 zuwa 1,600 su wuce, kuma zai yi aiki, amma gara a fara bin faɗin hawa-hawa, ko da biro ko ta buga `x.shape` bayan kowane hawa, a tabbata raguwar ita ake so.

Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne wanda ba ya fitar da saƙo ko ɗaya. A ɗauki mai son rarrabe ganyen rogo mai lafiya da mai cuta. Wayarsa ta ɗauki hoto mai faɗin ɗigo 4,000, ya matse shi zuwa 224, raguwar kusan ninki 18. Tabon da ya kai ɗigo 36 a hoton asali ya koma ɗigo biyu. Sai ga hawan farko da taku 4, sai taƙaitawa a bayansa. Kafin a kai hawa na uku tabon ya narke. Alamar ita ce tsarin yana gane ganyen da cuta ta ci ƙarfinsa amma yana cewa mai sabon tabo lafiya lau yake, alhali shi ne manomi ya fi buƙatar sani. Ƙarin hawa ba ya magance wannan, domin abin da ya ɓata a ƙasa ba ya dawowa a sama. Gyaran shi ne a yanko ganyen kusa-kusa kafin a matse, ko a rage taku a hawan farko, ko a jinkirta taƙaitawa. Kafin komai, mutum ya buɗe hoton da aka matse ya kalla da idonsa, in shi bai ga tabon ba to filta ma ba zai gani ba.

Filtoci kuma suna jure gusawa ne kawai, ba juyawa ba. Wanda ya koyi layi a tsaye ba ya amsawa idan an kwantar da layin. Shi ya sa ake ɗan juya hotunan koyarwa, a ɗan ƙara musu girma ko a rage, don tsarin ya saba. A ganyen rogo ana iya kifa hoto ta kowace fuska, ganye yana nan ganye. A lambobi kuwa sai da hattara, juyin kada ya wuce digiri goma ko sha biyar, domin 6 da aka juya gaba ɗaya ta koma 9, kuma tsarin da aka ciyar da irin wannan hoto da sunan 6 zai fara ruɗa lambobin biyu a jarrabawa.